Buroila, Leya da Kazar Hausa: Abin da Ke Raba Su a Kasuwa da Tukunya a Ƙasar Gumel

Kaji iri uku ne ke shiga tukwanen masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma ko da yake dukansu kaza ake ce musu, kusan ba abin da ya haɗa su a gaban mai saye ko mai girki sai gashi da fukafukai. Ta farko ita ce buroila, kazar gidan gona da aka tace irinta domin nama kaɗai, wadda ake yankawa tana da mako 6 zuwa 8 a duniya. Ta biyu ita ce leya, kazar ƙwai ta gidan gona, wadda ba ta isowa kasuwar nama sai ta gama aikin da aka kiwata ta dominsa, tana da kimanin shekara ɗaya da rabi. Ta uku ita ce kazar Hausa, wadda ke kwana a akurki, ta wuni tana tono a tsakar gida da bayan danga, kuma ba ta da ƙayyadajjen lokacin yanka sai ranar da buƙatar mai ita ta taso. Yawancin ƙorafin da ake ji a kansu, cewa buroila lami ce kuma tana ragargajewa a miya, leya ba ta jin wuta, kazar Hausa kuwa tsada ce ba tsoka, yana komawa ne ga abu guda da ba kasafai ake tambaya ba a wurin ciniki, wato shekarun kazar da irin wahalar da jikinta ya sha kafin wuƙa ta hau wuyanta.

Dalilin haka yana cikin ginin tsoka. Kowane zaren tsoka yana lulluɓe ne da tantani, zaruruwan kuma suna ɗaure dami-dami da wani tantanin, har su ƙare a jijiyar da ke riƙe da ƙashi, kuma abin da aka yi wannan tantani da jijiya da shi wani nau'in furotin ne da masana ke kira kolajin. A jikin ƙaramar dabba zaruruwan kolajin suna kwance kusa da juna ba tare da ɗauri mai ƙarfi a tsakaninsu ba, shi ya sa ɗan zafi kaɗan yake warware su. Yayin da dabba ke manyanta, sai ƙulle-ƙulle masu jure zafi su riƙa shiga tsakanin zaruruwan, kamar yadda mai tufka ke ƙara murɗa igiya har ta gagari tsinkewa, kuma tsokar da ta fi yin aiki, irin ta cinya da ƙafa, ita ta fi tara shi. Da zarar zafin nama ya kai digiri 60 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas, kolajin yakan fara ne da takurewa, ya matse ruwan da ke cikin tsoka, naman ya ƙara tauri, sai an daɗe ana dafa shi cikin ruwa sannan ya narke ya zama jelatin, wato wannan abu mai danƙo da ke sa romo ya yi kauri, ya kama leɓe, ya kuma daskare idan ya kwana a lokacin sanyi. Saboda haka taurin tsohuwar kaza da daɗin romonta asalinsu ɗaya ne, haka ma laushin buroila da tsinkewar romonta, kuma ba a samun ɗaya ba tare da ɗan'uwansa ba.

Buroila, duk girman jikinta, a shekaru ɗan tsako ce. Wani bincike da masana na Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada suka wallafa a 2014 ya kiwata irin buroilar 1957 da na 1978 da na 2005 a kan abinci iri ɗaya, sai aka tarar a kwana na 56 ta farkon tana da giram 905, ta biyun giram 1,808, ta ukun kuma giram 4,202. Wannan ya nuna cewa saurin girman ya samo asali ne daga zaɓen iri na shekaru masu yawa tare da abinci mai gina jiki, ba daga wata allurar ƙiba ba kamar yadda ake yawan faɗa a majalisa. Abin da ya cancanci tsoro a kanta daban ne, shi ne mai kiwon da ya ba kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta ya kuma sayar da su kafin cikar kwanakin janyewa da aka rubuta a jikin maganin. Ta fuskar girki kuwa, kazar da ta kai kilo biyu a cikin kwana 42 zuwa 49 ba tare da ta taɓa yin tafiya mai nisa ba tana da ƙirji mai kauri da farar tsoka, kolajinta bai ƙullu ba, fatarta sirirya ce mai kitse a ƙarƙashi, ƙashinta kuma bai gama ƙwari ba. Yankakken namanta yana dahuwa a minti 20 zuwa 30 cikin ruwa mai tafasa a hankali, kuma abin da ya wuce haka ɓarna ce, domin tsokar ƙirji za ta zubar da ruwanta ta koma zare-zare busasshe, ta cinya kuma ta saɓule daga ƙashi ta bi miya. Akwai wata alama da ke ruɗar masu girki: sau da yawa akan ga ja a jikin ƙashin cinyar buroila ko da ta dahu, saboda ɓargo yana tsattsafowa ta ƙashin da bai gama toshewa ba, sai a ɗauka ɗanya ce a ƙara mata wuta har a lalata ta. Abin dubawa shi ne tsokar kanta, ta daina sheƙi har can ciki, ruwan da ke fita idan an soke ta ya zama garau, wanda ya yi daidai da zafin digiri 74 da masana lafiyar abinci suka ƙayyade wa naman kaza.

Leya labarinta daban ne. Irin su Isa Brown, da Shika Brown wadda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya, ta samar, suna fara ƙwai a mako na 18 zuwa 20, su yi ta zubawa har wajen mako na 72 zuwa 80, kowace ta ba da ƙwai kusan 300 kafin a sallame ta. An tace irinta ne domin abincin da ta ci ya tafi ga ƙwai, shi ya sa nauyinta ba ya wuce kilo biyu sosai, ƙirjinta a tsuke yake, kitsenta kuma rawaya ne da ya taru a mara. Ba ta yawo, musamman wadda ta rayu a keji, amma shekarunta sun ninka na buroila fiye da sau goma, don haka kolajinta ya ƙullu tamau, fatarta ta yi kauri da danƙo. Sai ta samu awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi a kan wuta kafin ta tauno ba wahala, idan kuma dambu za a yi da ita, wanda ke buƙatar tsoka ta saki har ta daku a turmi, tana iya cin awa biyu. Wani abin lura shi ne ƙashinta: yawan sinadarin alli da ta zuba a ɓawon ƙwai yakan bar ƙasusuwanta da gautsi, suna tarwatsewa tsini-tsini idan aka sassara su da adda, saboda haka ya fi kyau a raba ta gaɓa-gaɓa da wuƙa, musamman idan yara za su ci.

Kazar Hausa ita ce mafi wuyar yanke wa hukunci, domin sunan ya ƙunshi sagara 'yar wata biyar da ba ta fara ƙwai ba, da matashin zakara da ya fara cara, da uwar kaji da ta yi kwanci sau shida, kuma duk a kwando ɗaya dillali yake kawo su. Abin da ya haɗa su shi ne motsi. Kazar da ke wuni tana tono da gudu da tsalle bisa danga tana gina jar tsoka mai yawan sinadarin da ke riƙe iskar numfashi a cikin nama, wanda shi ne ke sa cinyarta ta yi duhu, ɗanɗanonta kuma ya fi ƙarfi. Zaren tsokarta siriri ne a matse, yana da ɗan tauri mai daɗin tauna ko da ya dahu, kuma ba ya watsewa a miya. Sagara ko matashin zakara sukan dahu a minti 45 zuwa awa ɗaya, amma tsohuwar uwa ko zakara mai dogon ƙaimi ba su da bambanci da leya wajen cin wuta, wani lokacin ma su fi ta. Yanayin shekara ma yana shiga cikin naman. A kaka, lokacin da ake sussukar gero da dawa da kaɗe riɗi a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, kaji suna samun tsaba a masussuka, su yi ƙiba da kitse rawaya, amma a ƙarshen bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma ƙasa ta bushe ba ƙwaro ba tsiro, waɗannan kajin ne za a tarar kowace ƙashin ƙirjinta ya fito kamar zai huda fata, kuma ramammiyar kaza ta fi mai ƙiba bushewa a tukunya.

Tunda shekaru ne ginshiƙin al'amarin, ya kamata mai saye ya iya karanta su da hannunsa, kuma hanyar ba ta da wuya. Idan aka kama kaza aka shafa ƙashin ƙirji har zuwa ƙarshensa na wajen mara, za a ji tsininsa: a jikin ƙaramar kaza guringuntsi ne da ke lanƙwasuwa idan an danna da ɗan yatsa, a jikin wadda ta kusa shekara ko ta wuce kuwa ya zama ƙashi, ba ya motsi. Ƙafar matashiya sumul take da ɓawo a kwance, ta tsohuwa kuma kaushi gare ta, ɓawon ya ɗaɗɗago. Ƙaimin zakara ɗan tsiro ne kawai kafin wata shida, sai ya riƙa tsawo da kaifi da shekaru. Leya kuma tana da nata tambarin: galibi an datse mata baki tun tana ƙarama don kada ta tsattsagi 'yan'uwanta, gashinta ja ne iri ɗaya da ya cinye a wuya da bindi, ƙafarta ta koɗe saboda launin rawayan ya tafi ga gwaiduwa, idan an buɗe cikinta kuma akan tarar da curin ƙwayaye ƙanana da manya da ba su yi ɓawo ba. Akwai kuma ta huɗu da ta shigo tsakani, wadda ake kira maja ko noila, irin da kamfanin Amo na garin Awe a Jihar Oyo ya yaɗa: launin gashinta barkatai ne irin na kazar Hausa, amma ta fi ta girman jiki da kaurin ƙafa, ana yanka ta da wata uku zuwa huɗu, kuma naman nata yana tsakanin na buroila da na sagara, a tauri da kuma a lokacin dahuwa.

Farashi ma shekarun ne ke tsara shi, sai dai kowace kaza da irin lissafin da ke bayanta. Kuɗin buroila kuɗin abinci ne. Kafin ta kai kilo biyu da ɗan ɗori takan ci abin da ya kai kilo huɗu, wato buhu mai kilo 25 yana raino kamar kaji shida ne kawai, kuma abinci shi ke cinye wajen kashi biyu cikin uku na jarin mai kiwo, don haka duk motsin da masara da waken suya suka yi a kasuwa sai ya bayyana a wuyan kazar bayan 'yan makonni. Bugu da ƙari, daga mako na bakwai kowace buroila tana cin fiye da kilo guda a mako alhali girman da take ƙarawa yana raguwa, ga kuma zafin Maris zuwa Mayu a wannan yanki, da yakan haura digiri 40, wanda ke kashe manyan buroila farat ɗaya da tsakar rana. Mai buroila, ke nan, mutum ne da ke cikin gaggawa, kuma shi ya sa farashinta ke tashi ana jajibirin ƙaramar Salla, ya faɗo warwas mako guda bayanta ga wanda kajinsa suka yi kwantai.

Ita leya ƙwai ne ya riga ya biya kuɗin rainonta, abin da aka samu a jikinta kuwa shi ne jarin sayen sababbin 'yan tsaki. Kowace tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, kuma idan ƙwan da garke ke bayarwa ya ragu har ya daina biyan kuɗin abinci, sai mai gona ya sayar da garken gaba ɗaya a 'yan kwanaki. Saboda haka leya ba kullum ake samunta ba a ƙasar Gumel, takan zo ne a mota, da yawa a lokaci guda, daga manyan gidajen gona irin na kewayen Kano, kuma masu gonar sukan daidaita sallamar da lokutan bukukuwa domin ta yi daraja. Kazar Hausa kuwa ba a kashe mata kuɗin abinci sai ɗan dusa da tsaba, amma tsadarta tana zuwa ne daga ƙarancinta: uwa ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, shirwa da sanyi da cuta suna kwashe babban rabo na 'yan tsakin, wanda ya tsira kuma sai ya yi wata biyar ko shida kafin ya kai kilo guda. Ga matan karkara ita ce asusun gaggawa, shi ya sa take yawaita a kasuwa a farkon damina, lokacin neman kuɗin iri da taki, ta kuma yawaita da hunturu idan annobar Niyukasil ta ɓulla, mutane suna rige-rigen sayarwa kafin ta iso gidansu. Arahar hunturu tana buƙatar ido: kazar da ta yi lagwas da fukafukai, tana gyangyaɗi, tana koren zawo ko murɗe wuya, ba abin saye ba ce komai sauƙin kuɗinta. A kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, 'yan sari suna tara kajin ƙauyuka domin kai wa birane, don haka mai saye na gida yana takara ne da aljihun mutanen Kano, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwatanta farashi kai da kai, alhali kawunan ba nauyinsu ɗaya ba. Farashi yana sauyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka alƙaluman kuɗi da ke tafe na ƙaddarawa ne domin a ga yadda lissafin yake, kowa kuma yana iya sa na ranar da ya je kasuwa a madadinsu. A ƙaddara buroila mai kilo 2.2 a raye an yi mata kuɗi naira 9,000, leya mai kilo 1.8 naira 7,500, kazar Hausa mai kilo 1.1 kuma naira 6,000. Bayan yanka da figa da cire kayan ciki da kai da ƙafafu, abin da ke saura a buroila kimanin kashi 70 cikin ɗari ne, wato kilo ɗaya da rabi, a sauran biyun kuwa kimanin kashi 65 ne, wato kusan kilo 1.2 ga leya da giram 700 ga kazar Hausa. Idan aka raba kuɗin da nauyin, kilon buroila ya tashi naira 6,000, na leya wajen 6,250, na kazar Hausa kuma ya haura 8,500. Wadda ta fi araha a ido ita ce ta fi tsada a sikeli, kuma tazarar ta fi haka idan aka tuna cewa rabon tsoka a kan ƙashi ya fi yawa a jikin buroila. Sannan akwai kuɗin da ba ya fitowa a wurin ciniki, wato makamashi. A yankin da ke bakin Sahel, inda itace ya yi wuya har gidaje da yawa ke girki da kara, ƙarin awa guda a kan murhu kuɗi ne ko wahalar wata yarinya da za ta je nemowa, kuma idan aka ɗora wannan a kan leya, sai ɗan rangwamen da aka gani a kanta ya narke.

Wannan lissafi bai nuna cewa mai sayen kazar Hausa ya yi wauta ba, domin abin da yake saye ba tsoka kaɗai ba ne. Giram 700 na kazar Hausa yana ba tukunyar miyar kuka ko ta taushe ɗanɗanon da kilo ɗaya da rabi na buroila ba zai bayar ba, kuma farfesun mai jego ko na majinyaci, wanda romonsa ake nema, hakkinta ne ita da leya. Inda ake son tsoka mai yawa da za a soya ko a gasa cikin hanzari, irin na masu gashin bakin titi da daddare ko abincin taron da za a raba yanka-yanka, buroila ba ta da abokin takara, kuma mai gashin da ya ɗora leya a kan waya ba tare da ya sulala ta ba zai sayar wa mutane abin da haƙori ba ya ratsawa. Leya kuma ta fi dacewa da dambun kaza da miyar da za a yi ta ɗumamawa kwana biyu, saboda dogon zaren tsokarta yana jure daka da suya, yankanta kuma ba ya ɓacewa a tukunya.

Wurin da bambancin ya fi yin ɓarna shi ne girkin taro. A ɗauki gidan suna da aka tara kaji goma sha biyu: maigida ya sayo buroila shida, dangin mai jego sun kawo kajin Hausa huɗu, wata maƙwabciya kuma ta ba da gudummawar leya biyu. Abin da aka saba shi ne a fige su, a yayyanka, a zuba a babbar tukunya ɗaya da albasa da citta da kanumfari da gishiri, a sulala sannan a soya. Idan aka sauke a minti 30 saboda buroila ta yi, za a soya leya da kazar Hausa a daidai lokacin da kolajinsu ya takure bai narke ba, man suya kuma ya ƙara busar da su, baƙi su yi ta fama da yankan da ba ya gutsuruwa. Idan aka jira leya ta yi laushi, rabin naman taron, wato buroila shida, ya zama ƙasusuwa da zare a gindin tukunya. Gyaran yana farawa tun daga ruwan figa: buroila tana son ruwan da ya yi zafi amma bai tafasa ba, wajen digiri 55 zuwa 60, domin tafasasshen ruwa yana saɓule mata fata, alhali tsofaffin kaji suna ɗaukar wanda ya fi haka zafi. Daga nan sai a ware naman kashi uku. Leya, tare da duk wata kazar Hausa da tsinin ƙirjinta ya ƙi lanƙwasuwa, su za a fara ɗorawa, da ruwan da ya rufe su, a wuta matsakaiciya, tukunya a rufe. Bayan minti 30 zuwa 40 sai a zuba matasan kajin Hausa, bayan wani minti 30 kuma a soki cinyar leya da cokali mai yatsu, idan ya shiga da ɗan turjiya kaɗan sai a kawo buroila ta yi minti 15 zuwa 20 kawai, tunda suya za ta ƙarasa ta. A awa ɗaya da rabi an gama, kuma buroilar ta amfana, domin ta dahu ne a cikin romon da tsofaffin kaji suka riga suka yi wa kauri.

Masu gaggawa suna da dabarun gajarta wannan lokaci, kuma ba dukansu ne ke da kyau ba. Wuta mai ƙarfi ba ta taimakawa, domin ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai yawan itacen da aka tura, abin da kawai ke ƙaruwa shi ne ƙonewar ruwa da asarar makamashi. Tukunyar matsi, wadda murfinta ke kulle tururi har zafi ya kai wajen digiri 120, ita ce ke rage lokacin da gaske, tana dafa leya a cikin kusan minti 30, kuma ga mai sayar da abinci da ke dafa tsofaffin kaji kullum tana mayar da kuɗinta daga abin da ta rage na gawayi ko gas. Ɗanyar gwanda tana da sinadarin da ke narka furotin, idan aka goga ta aka cuɗa nama da ita na ɗan lokaci kafin a ɗora tana sassauta shi, sai dai idan ta daɗe saman naman yakan yi laɓo-laɓo. Kanwa tana tausasawa, amma idan ta yi yawa takan sauya launin nama ta kashe masa ɗanɗano. Jefa ƙwayar farasitamol a tukunya kuwa, wanda hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa, ganganci ne da lafiyar hanta da ƙodar masu ci, kuma babu uzurin da zai halatta shi. Akwai kuma taurin da ba na shekaru ba: jim kaɗan bayan yanka tsoka takan sandare na wasu awoyi kafin ta sake saki, shi ya sa buroilar da aka gasa awa ɗaya ko biyu bayan yanka takan fi wadda ta yi awa shida a firji ko cikin ƙanƙara tauri. Wannan jira sai da sanyi, domin a zafin Gumel naman da aka ajiye a fili na awoyi ya fi kusa da lalacewa fiye da laushi.

Abin da kasuwannin yankin suka rasa, wanda kuma ba ya buƙatar wani babban jari, shi ne sikeli da faɗin gaskiyar suna. Har yanzu da hannu ake jinjina kaza a yanke mata kuɗi, kuma a irin wannan ciniki dillalin da ke jinjina ɗaruruwa a mako shi ne kullum ke da rinjaye a kan matar ƙauye da ta aiko da kaza biyu da kuma magidancin da ke saye sau ɗaya a wata. Sikelin rataye guda a rumfar 'yan kaji, a hannun shugabannin rumfar, zai ba mai sayarwa damar neman kuɗin ƙibar da kazarta ta yi a kaka, ya kuma ba mai saye damar yin lissafin kilo kafin ya taya. Batun suna ya fi shafar kazar da aka riga aka fige ko aka dafa, inda gashi da baki da ƙafa, waɗanda su ne shaidu, suka riga suka tafi, kuma a nan ne ake miƙa wa mutum leya ko maja da sunan kazar Hausa a karɓi kuɗin kazar Hausa. Mai sayen figaggiya yana da sauran abin dubawa: gangar jikin leya ta fi tsawo da faɗin mara, da curin kitse rawaya a ciki da fata mai kauri, maja tana da kaurin cinya da tsinin ƙirji mai lanƙwasuwa, kazar Hausa kuwa ƙarama ce mai siririn ƙashi da duhun cinya, kuma da wuya figaggiyarta ta kai kilo guda sai in babban zakara ne.